Rabin saƙona ya isa, rabi ya maƙale, yanzu dangin matata na kirana macin bashi

Assalamu alaikum. Ni manomin masara ne a wani ƙauye na yankin Funtuwa. A watan Yuni yayan matata, wanda yake kasuwanci a Kano, ya ranta mini Naira 400,000 na sayi taki, a kan zan biya ƙarshen Nuwamba. Ba mu rubuta komai ba. Allah ya ba ni buhu 30, amma masara ta faɗi, ana sayar da buhu Naira 32,000 a kasuwar Dandume. Ina gona na rubuta masa tes guda biyu. Na farko: "Yaya Alhaji, kuɗin nan ba zan iya biya ba." Na biyu: "gaba ɗaya a wannan watan, zan turo rabi ranar Juma'a, sauran sai Maris in farashi ya tashi." Ashe na biyun bai tafi ba, sai bayan kwana goma na gan shi da jar alama. Rabin ma ban tura ba, don ina jiran amsarsa. Kafin nan ya nuna wa surukata da dangi saƙon farko, ya daina ɗaga wayata, har yana zancen kotu. Matata kullum cikin kuka take. Raina ya ɓaci ƙwarai da ya yarda zan cuce shi. Ina tunanin in sayar da komai har abincin gida, in jefa masa kuɗinsa, kowa ya kama gabansa. Laifin wane ne, kuma yaya zan yi?

Wani manomi daga yankin Funtuwa

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya sanyaya maka zuciya, ya kuma sanya albarka a abin da ka girbe.

Kafin komai, ka kula da wayar nan. Kada ka goge saƙon da ya maƙale, kuma kada ka danna shi don ya sake tafiya. A wayoyi da yawa, da zarar ka sake tura saƙon da ya kasa fita, sai ya ɗauki sabon lokaci, kwanan watan farko ya ɓace. To wannan kwanan watan shi ne shaidarka. Shi ne zai nuna cewa ka rubuta magana ta biyu a minti ɗaya da ta farko, ba wai ka ƙirƙiro ta ba bayan da ka ji ana zancen kotu. Ka ɗauki hoton fuskar wayar yadda saƙonnin biyu za su fito tare, da jar alamar da kalmar da ke ƙarƙashinta, wadda galibi take zuwa da Not sent ko Failed. In ƙaramar waya ce mai maɓalli, ka duba cikin Outbox, ka sa wani ya ɗauki hotonta da tasa wayar. Ka nuna wa mutum ɗaya mai mutunci tun yau, limaminku ko wani dattijo, domin in wayar ta faɗa ruwa gobe akwai wanda ya gani da idonsa.

Abin da ya same ka yana samun mutane da yawa, musamman a gonakin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Tes biyu ba sa tafiya tare, kowanne da tasa hanyar, kuma na farko yana iya wucewa sannan sabis ya yanke ko kati ya ƙare. Ko saƙo guda ɗaya ne, in ya yi tsawo wayar raba shi take yi. Tes ɗaya yana ɗaukar haruffa 160 ne, amma da ka sa ɗaya daga haruffanmu masu lanƙwasa, irin su ƙ da ɗ da ɓ, sai ya koma 70 kacal, abin da ya wuce nan ya zama wani yanki daban. Saboda haka na yarda da kai ɗari bisa ɗari cewa ba ka yi nufin cin kuɗinsa ba.

Amma ka tambaye ni laifin wane ne, kuma ba zan ɗora wa sabis duka ba.

Ka zauna a kujerar Alhaji na ɗan lokaci. Ya zare Naira 400,000 daga jarinsa a tsakiyar damina, lokacin da kowa ke neman kuɗin taki. Bai nemi takarda ba, bai nemi jingina ba, bai kira shaida ba, saboda kai mijin ƙanwarsa ne. Wa'adi ya kusa, sai ga layi ɗaya daga gare ka, cikakkiyar magana mai kai da gindi, ba wata alama a jikinta cewa akwai saura. Bayan ta kuma sai shiru na kwana goma, babu kira, babu ko sisi. Kai kana zaune kana jiran amsa, shi kuma kowace safiya shirun nan yana ƙara tabbatar masa da abin da ya karanta. Da ka buga waya a daren da ka ji bai amsa ba, da maganar ta mutu cikin minti biyu. Da kuma ka tura rabin nan ranar Juma'ar da ka ambata, da kuɗin da kansu sun ƙaryata saƙon. Ina ganin kunya ce ta sa ka zaɓi tes tun farko, domin roƙon ƙarin lokaci yana da nauyi a baki, kuma ita kunyar ce ta hana ka kira. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ake bi bashi, sai dai a nan ta yi maka tsada.

Akwai abin da ya fi wannan, kuma ina roƙonka ka karanta shi da sanyin rai. Ko da saƙon na biyu ya isa, da sauran gyara a cikinsa. Ka sake duba shi: zan turo rabi, sauran sai Maris. Sanarwa ce ka yi masa. Ɗage wa'adin bashi kuwa haƙƙin mai kuɗi ne, shi ake roƙa, in ya so ya yarda, in ya so ya ƙi.

Mu yi lissafi da alƙaluman da ka ba ni. Buhu 30 ka samu. Noman damina zakkarsa ɗaya bisa goma ce, wato buhu 3, kuma a mazhabar Malikiyya bashin da ake bin manomi ba ya sauke zakkar amfanin gona. Saura 27. Ban san yawan iyalinka ba, amma bari mu ware buhu 10 na ci har wata kakar. Saura 17. A kan Naira 32,000, buhu 13 sun kama Naira 416,000. In ka cire kuɗin mota da dako da la'ada, ka ce buhu 13 ko 14 za su rufe bashin kaf, ka kuma tsira da buhu 3 ko 4 bayan abincin gida. Ma'ana, Malam, kana da halin biya. Abin da ba ka so shi ne ka sayar da araha, kuma duk wanda ya sha rana a gona zai fahimci wannan ciwon: taki da tsada, ƙwadago da tsada, sannan a zo kaka a yi wa guminka tayin wulaƙanci. Amma rashin hali daban, jiran farashi daban. Aya ta 280 a Suratul Baƙara, wadda ta ce a saurara wa mai bashi har ya samu sauƙi, tana magana ne a kan wanda yake cikin ƙunci. Wanda yake da abin biya kuwa, hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya ce jan ƙafarsa zalunci ne. In ka riƙe rabin kuɗin har Maris ba da yardarsa ba, kasuwancin ajiye hatsi kake yi da jarin Alhaji: in an ci riba taka ce, shi kuma kuɗinsa suna kwance wata huɗu, ba ya juya su, darajar Naira kuma ba tsayawa take yi ba.

Ita ma ribar ba tabbas ba ce. Mun saba masara ta yi ƙasa a kaka ta ɗaga wajen bazara, amma shekarar 2025 ta nuna mana cewa ba doka ba ce. Bayan gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake a watan Yulin 2024, waɗanda suka cika rumbu da sito a kakar 2024 suna jiran tashin farashi, da yawansu sun sayar ƙasa da yadda suka saya. Ka ƙara da ɓarnar ajiya. Masarar da ba ta bushe sosai ba tana yin fumfuna, wadda ta bushe kuma ƙwari na jiranta. Ka ƙaddara Maris ta zo buhu yana nan a Naira 32,000 ko ƙasa, ƙwari sun taɓa wasu, azumi ko wata hidima ta ci wasu. Ranar za ka sake komawa gaban mutumin nan da wani uzurin, a lokacin kuma babu saƙon da ya maƙale da zai wanke ka.

Wannan ba ya nufin Alhaji ya kyauta. Bai kyauta ba. Layi ɗaya ya gani daga mutumin da ya sani shekara da shekaru, kuma maimakon ya ɗaga waya ya ce wane, me nake gani haka, sai ya kai maganar gaban mahaifiyarsa da dangi. Suratul Hujurat ta yi umarni da a bincika labari kafin a yi aiki da shi, ta kuma hana yawan zato. Ya taɓa mutuncinka, ya jefa ƙanwarsa tsakanin miji da ɗan'uwa. Kana da haƙƙi a kansa a nan, kuma za mu zo kansa. Sai dai ka tuna abin da ya faru lokacin da wani mutum ya zo yana bin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bashin raƙumi, ya kausasa harshe har Sahabbai suka yunƙura. Ya ce su ƙyale shi, domin mai haƙƙi yana da ta cewa, sannan ya sa aka biya shi da raƙumin da ya fi nasa. Muddin kuɗin Alhaji suna hannunka, zafin bakinsa abin jurewa ne. Ka fara sauke nasa haƙƙin, sannan naka ya sami wurin tsayawa.

Batun sayar da komai har abincin gida, ka cire shi daga ranka. Lissafin da muka yi ya nuna ba ka ma buƙatar taɓa buhu goman nan. Wanda ya sayar da abincin iyalinsa a Disamba don fushi, shi ne zai sayo tiya-tiya a Yuli, wataƙila da wani sabon bashin. Jefa masa kuɗi a raba gari kuma ba zai wanke sunanka ba. Dangi za su ce sai da aka ambaci kotu ya biya. Maiɗakinka ce za ta ɗauki sauran nauyin har ƙarshen rayuwarta, duk biki, duk suna, duk rasuwa.

Ga yadda nake ganin za ka yi. A ranar kasuwa mai zuwa ka fitar da buhu 7, waɗanda a farashin da ka faɗa za su ba ka Naira 224,000. Ka tura masa Naira 200,000 ta banki tun kafin ka taka ƙafa zuwa Kano, ka rubuta a wurin bayani cewa biyan bashin taki ne kashi na farko, ka adana rasit ɗin. In ta wurin mai POS ka tura, ka karɓi takardar, ka ɗauki hotonta, domin rubutunta yana gogewa cikin 'yan makonni. Wannan shi ne rabin da ka riga ka yi niyya, kuma babu bayanin da zai yi masa tasiri kamar ƙarar shigar kuɗi a wayarsa. In za ka iya fitar da buhu 14 ɗin a lokaci ɗaya ka biya duka, wannan ya fi, kuma shi na fi so maka.

Sannan ka je da kanka, zuwa da kai ya fi aike. Kada ka je kai kaɗai, kada kuma ka kwashi tawaga. Mutum ɗaya ya isa, wanda Alhaji yake jin nauyinsa, kuma zai fi kyau ya fito daga danginsu, kamar kawunsu ko baffansu. In ka zo da naka dangin, zaman zai koma ɓangare da ɓangare. Dattijon ne zai kira shi ya nemi lokaci, tunda ba ya ɗaga wayarka. Gida za ku same shi, ba shago ba, don kada ya ji an zo tsare shi a gaban yaransa da abokan ciniki.

In an gaisa, kada ka fara da zaro waya. In ka fara da ita, zai ji kamar ka zo kafa masa hujja ne, shi ma sai ya shiga kare kansa. Ka fara da naka. Ka ce masa wani abu kamar haka: "Yaya Alhaji, ka taimake ni lokacin da nake cikin buƙata, ban manta ba. Maganar kuɗinka ba ta tes ba ce, kamata ya yi in zo ko in kira, ban yi ba, ka yafe mini. Kuɗinka suna wuyana, ban taɓa niyyar hana ka ba." Bayan nan sai ka miƙa wa dattijon wayar, shi ya karanta saƙonnin biyu da lokacinsu, shi ya nuna masa. Daga hannun dattijo abin zai shiga a matsayin bayani. Kada ka tsaya jiran ya ce ya yi kuskure a take. Babba ba ya cika furta wannan a gaban mijin ƙanwarsa, kuma in ya ce to, Allah ya kyauta, ya sa aka kawo abinci, ka gane ya karɓa.

Kan sauran Naira 200,000, ka ba shi zaɓi, ka kuma nuna da gaske kake duk wanda ya ɗauka. In yana son kuɗinsa yanzu, ka ce kasuwa mai zuwa za ka sayar ka turo, ka faɗi ranar. In zai karɓi masara a madadin kuɗi, ya halatta, amma da farashin ranar kuma a damƙa masa ita ko wakilinsa nan take: a kan Naira 32,000, buhu 6 sun kama Naira 192,000, ka cika da Naira 8,000. Abin da malamanmu suka hana shi ne a mayar da bashin kuɗi ya zama bashin masarar da za a kawo nan gaba, wato a sauya bashi da wani bashin. Wannan hanya ta masara tana da kyau ga ɗan kasuwa, domin in farashin ya tashi a bazara shi zai ci, kai kuma ka huta. In kuma da kansa ya ce ka riƙe har Maris, ka gode masa, amma kada ka ce za ka ɗora masa wani abu a kai saboda jiran da ya yi, kada kuma ka yarda in an nema. Ƙari a kan bashi saboda ƙarin lokaci shi ne riba da aka haramta. Kuma kada ka ce sai farashi ya tashi, domin wannan ba wa'adi ba ne. Ka sa rana da wata, ko masara ta tashi ko ta faɗi.

Duk abin da kuka tsayar, a rubuta shi a zaman nan. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan wannan ta sauka: a rubuta bashi zuwa wa'adinsa, wanda ake bi shi ne zai yi shifta, a kafa shaidu biyu. Ka lura, kai ne aka ce ka faɗi abin da za a rubuta, saboda haka kai ya kamata ka nemi takardar, ba shi ba, kuma hakan zai cire masa nauyin a ce bai yarda da surukinsa ba. Rabin shafi ya isa: asalin kuɗin, abin da aka biya da ranarsa, abin da ya rage, ranar biyansa, sa hannunku da na shaidu. Kowa ya riƙe kofi. In an bar maka masarar har Maris, ka ware buhunan bashin daban, ka tabbata ta bushe har tana ƙaras a haƙori, ka zuba ta a buhun PICS mai leda biyu a ciki, ka ɗaure kowace leda daban, ka ɗora a kan katako nesa da bango. Buhunan nan ba naka ba ne, ko hidima ta taso kada ka kalle su.

Zancen kotu kada ya tsorata ka, kada kuma ya harzuƙa ka. Ba ka musanta bashin ba, kana da abin biya, ga rasit na rabi. Alƙali ba abin da zai ce illa ka biya sauran, kuma kai ma abin da kake shirin yi ke nan. Da wuya a kai can in ka riga shi motsawa.

Saura mutuncinka. Bayan an rufe maganar kuɗi, ba kafin nan ba, dattijon zai gaya wa Alhaji a keɓe cewa inda aka kai saƙon farko, ya kamata a kai na biyu. Shi ya nuna wa Hajiya da dangi rabin magana, shi ya dace ya gaya musu sauran, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Kada kai ka bi gida-gida da hoton waya kana wanke kanka, kada kuma ka jefa shi a zauren WhatsApp na dangi, domin hakan tozarta shi ne a inda ya tozarta ka, sai a koma gidan jiya. Surukarka kaɗai za ka je wa da kanka, ka durƙusa ka gaishe ta, ka ce an samu saɓanin saƙo ne kuma an daidaita, ba tare da ka kai ƙarar ɗanta ba.

Ita kuwa maiɗakinka, yau ɗin nan ka zaunar da ita ka nuna mata saƙonnin biyu da lissafin buhunan, ka gaya mata ranar da za ka fita kasuwa da ranar da za ka tafi Kano. Kada ka aike ta wurin yayanta, kada ka sa ta zaɓi ɓangare, kada kuma ka faɗi mummunar magana a kansa a gabanta, ko da ita ta fara. In 'yan'uwanta sun kira ta, amsa ɗaya ta ishe ta: yana hanya, zai zo da kansa.

Nan gaba, in dole ta sa ka rubuta saƙo a kan kuɗin wani, ka sa adadin da za ka biya da ranar a layin farko, uzuri ya biyo baya, duk a saƙo ɗaya gajere. Ka tsaya ka ga ya fita kafin ka mayar da wayar aljihu. A WhatsApp, alamar agogo tana nufin bai bar wayarka ba, maki ɗaya ya fita amma bai isa ba, maki biyu ya shiga wayarsa. In saƙon murya ne, ka saurare shi har ƙarshe bayan ka tura, domin yatsa yana zamewa ya yanke magana a tsakiya. In kuma yini ya wuce ba amsa, ka kira.